Har Ƙofar Gida

Ikilima tana zaune a tsakar gidanta na Tudun Wadar Daura tana tsinke zogale, da hantsi, ƙaninta Musaddiq ya kira daga Guangzhou. A can la'asar ta riga ta yi. Ta jingina wayar a jikin turmi, ta ci gaba da aikinta suna gaisawa.

Karatu ya kai Musaddiq China, da ya gama kuma bai dawo ba. Ya samu aiki a wani kamfanin kago na wani Bakano da abokin hulɗarsa ɗan ƙasar, masu tara kayan 'yan kasuwa a sito, in sun isa kwantena su turo Legas. Yanzu maigidan ya ce masa ya nemo nasa kwastomomin a cikin Hausawan da ke can, shi ne ya rubuta talla, yana so yayarsa ta ji kafin ya saki.

Ya karanta mata. Rabi Turanci ne, rabin Hausar kuma kamar sanarwar gidan rediyo.

"To, yaya kika ji?"

"Na ji ka yi karatu," in ji Ikilima. "Amma in ni ce, ban gama layi na biyu ba zan wuce. Bar ni da shi zuwa anjima."

Ba baƙuwar talla ba ce. Shekara da shekaru tana sayar da kayan kicin daga cikin gida, a waya take ɗora hotunan kuloli da tukwane, mata su aiko a karɓa. Ta san kalmar da ke tsayar da ɗan yatsa. Sai da ta sa ya yi mata bayanin aikin dalla-dalla, ta ɗora sanwa, sannan ta zauna a inuwar ɗaki ta rubuta:

"Salamu alaikum 'yan uwa 'yan kasuwa mazauna Guangzhou, Yiwu da kewaye. In kana da kayan da kake son aika wa iyaye ko iyali a gida, kawo su sitonmu. Kayan sauri ta jirgin sama, a kilo, kamar mako biyu in Allah Ya yarda. Manyan kaya ta ruwa, gwargwadon wurin da suka ci a kwantena, wata biyu zuwa uku. Kuɗin kwastan yana cikin farashi, ba wanda zai tambayi mutanenka ko kwabo. Kowane kwali a rubuta masa sunan mai karɓa da lambar wayarsa. Batir, turare da duk abu mai ruwa, a faɗa mana tun farko, hanyarsu daban ce. Mutanen Daura, Sandamu, Mai'aduwa, Zango da Baure, ba sai tsohuwarka ta je Kano ba. Faɗa mana unguwa, mu za mu nemo gidan, mu kai har ƙofa."

Ba a jima ba Musaddiq ya sake kira.

"Yaya, komai ya yi, amma wannan na ƙarshen fa? Farashinmu a siton Kano yake ƙarewa. Wa zai kai kaya Baure?"

"Ni."

"Ke?"

"Ni da Kawu Ɗantsoho. Ka ƙara kuɗin Kano zuwa gida a kan mai aikowa, ka faɗa masa tun a can. Ka manta ranar da ka aiko wa Inna kujerar nan? Wuni guda muka yi a Kano, daga wannan sito zuwa wancan, ta dawo ƙafa a kumbure. Duk wanda ke can yana da tsohuwa irin tamu. Wannan layin da kake tsoro shi ne tallar, sauran duk kowa na faɗa."

Musaddiq ya ce to, amma sai ta tambayi maigidanta. Malam Ikrima, malamin firamare ne mai sanyin hali, da ya dawo ta nuna masa. Ya karanta sau biyu, ya ce in dai da Kawu za ta riƙa fita ba shi da magana, kawai kada ta yi wa mutane alkawarin da za ta ji kunya. Kawu Ɗantsoho kuwa, ƙanin mahaifinsu ne, mai tsohuwar a-kori-kura da yake jigilar buhuna da ita tsakanin Daura da Kano. Da aka faɗa masa, cewa ya yi dama sau da yawa rabin mota yake dawowa.

Tallar ta shiga zaurukan waya na 'yan kasuwa, ta zagaya har ta dawo Daura. Makon farko dai ba abin kirki. Wani ya tambaya ko suna yin biza. Wata ta ce a sayo mata waya ta biya da kaɗan-kaɗan. Daga baya abin ya fara kamawa: wani mutumin Sandamu ya kawo kwalayen tayil na ɗakin mahaifiyarsa, wani ɗan Zango ya kawo kekunan ɗinki na ƙannensa mata.

Ran nan Musaddiq ya turo mata wani saƙon murya, ya rubuta a ƙasa: "Wannan naki ne, ke kika ce za ki nemo gida."

Murya ce ta babban mutum, da Hausa irin ta cikin garin Daura, ba gargada ko ɗaya.

"Salamu alaikum. Sunana Arinze, kayan gyaran babur nake saya a nan ina turawa Nnewi. Wani abokina ne ya nuna mini tallarku, na ga an rubuta Daura, wallahi sai da na nemi wuri na zauna. A Sabon Garin Daura aka haife ni. Mahaifina Emeka yana da shagon kayan babur a bakin titi. Ina da uwa a can, Iya Adawiyya, maƙwabciyarmu. Mahaifiyata tana shago daga safe har dare, a bayan Iya na girma. Da baba ya rasu muka koma kudu, ina ɗan shekara goma sha biyu, tun daga nan ban ƙara ganinta ba. Ba ni da lambarta. Ban ma san ko tana raye ba. Gidan yana da bishiyar durumi a ƙofa. In kun same ta, akwai abin da nake so in aika."

Ikilima ta saurara har sau uku. Washegari ta yafa mayafi ta hau ɗan sahu zuwa Sabon Gari.

Durumin ya daɗe da tafiya, an yi shagon cajin waya a wurin. Masu gidan na yanzu saye suka yi, ba su san kowa ba. Wani mai faci ne ya ce ta je wajen Madam Eucharia mai shagon kayan masarufi, wadda ta fi kowa daɗewa a layin. Ta same ta a bayan kanta, tsohuwa mai gilashi a kan hanci. Da jin sunan Emeka sai ta ajiye biron da ke hannunta.

"Arinze? Wannan mai satar mini alewa? Yana China?" Ta yi dariya har da tari. "Adawiyya tana nan da ranta. Mijinta ya rasu, 'yarta Murjanatu ta ɗauke ta zuwa Babban Mutum, can take aure. Mijin dillalin awaki ne, Usman. Bara ma ta aiko mini da gero."

Da Arinze ya ji labari, kiran bidiyo ya yi. Ikilima ta ga wani ƙaton mutum mai sanƙo tsaye a cikin kwalaye, yana ta share ido da bayan hannu yana cewa zafin sito ne. Ya faɗa mata abin da ke ransa: firiza mai aiki da sola. Lokacin yana yaro Iya zoɓo da kunun aya take sayarwa, kuma ba ta da firji. Kullum sai ta aika a sayo ƙanƙara, rabi ta narke a hanya. Takan ce in Allah Ya buɗa mata, firji za ta fara saya.

"Amma ina so ya zama ba-zata, Hajiya. Kawai ta ga mota a ƙofa."

"A'a," in ji Ikilima. "Tsohuwa ce, kuma a gidan suruki take zaune. Ba a shiga gidan mutum da kaya irin wannan ba sallama. Sannan ban san ko tana da inda za ta ajiye ba. Bari in je in gan ta."

Ya ɗan yi gardama, ya haƙura.

Ta bi motar haya ta Zango da Baure ta isa Babban Mutum wajen azahar. Gidan Usman ba wuyar nema, duk wanda ta tambaya ya nuna mata. Gida ne na ƙasa mai rufin kwano, da ɗan siririn zaure, da turken awaki a gefe. Iya Adawiyya tana kan tabarma tana ɓare gyaɗa, ƙafafu a miƙe saboda ciwon gwiwa. Murjanatu ta kawo ruwa. Usman kuma ya tsaya daga bakin zaure yana sauraro, kuma tun kafin Ikilima ta kai ƙarshe fuskarsa ta canza.

"Hajiya, ki yi haƙuri," ya ce. "Irin wannan mun sha ji. A ce an aiko maka kaya daga waje, gobe a ce kwastan sun riƙe, ka turo kaza. Akwai wanda ya sayar da bijimi a garin nan a kan haka."

"Gaskiyarka," ta ce. "Duk ranar da wani ya kira ku ya ce ku turo ko naira ɗaya a kan kayan nan, ɓarawo ne, ko da ni ce. Mai aikowa shi ke biyan komai tun daga can. Ku hannu kawai za ku sa ku karɓa."

"Ni fa ban san wani Arinze ba," in ji Iya. "Yaran da na goya a Sabon Gari suna da yawa."

"Ɗan Emeka mai kayan babur."

Iya ta tsaya da ɓare gyaɗar. "Emeka yana da 'ya'ya maza biyu."

Ikilima ta kunna mata saƙon muryar. Bai kai ga maganar durumi ba tsohuwa ta ɗaga hannu.

"Ɗanjuma ne. Ran Juma'a aka haife shi, ni na sa masa. Wancan sunan nasu ban taɓa iya faɗa ba." Ta juya ga 'yarta. "Murja, ba ki tuna shi ba? Wanda ya faɗa rijiyar gidan liman aka ciro shi da guga."

"Mai kukan tuwon dare," in ji Murjanatu tana dariya.

A can China dare ya fara, amma Ikilima ta gwada kiran Arinze ta bidiyo, ya ɗauka. Ta miƙa wa Iya wayar ta koma gefe. Sai Iya ta kusanto da wayar har kan hancinta ta ce, "Ina gashin kanka ya tafi?" Daga nan hira ta ɓalle. Ta tambayi mahaifiyarsa, ya ce tana Nnewi lafiya lau. Ta tambayi yayansa, da matarsa, da 'ya'ya nawa. Da ya kawo maganar firiza ta ce ita yanzu gwiwa ta hana ta sana'a, me za ta yi da shi.

"Iya, ni zan yi," in ji Murjanatu da sauri. "Nan wuta sai ta yi kwana da kwanaki ba ta zo ba. Da azumi har Baure ake zuwa neman ƙanƙara."

"To ka ji," Iya ta ce wa wayar. "Aiko. Amma ni ce mai shi."

Usman bai ce ya yarda ba, bai kuma ce bai yarda ba. Ya dai raka Ikilima har tasha, ya ba ta lambarsa don a rubuta a jikin kaya, ya ce Allah Ya sa gaskiya ne.

A Guangzhou, Arinze ya sayi firiza da farantan sola ya kai sito. Ya so ya haɗa da batir, Musaddiq ya hana. Ya ce batir ba ya shiga cikin kayan yau da kullum, sai an bayyana shi an yi masa takardunsa daban, kuma in aka ɓoye aka gano, kwantenar mutane gaba ɗaya za a tsare. Gara a saya a Kano. Aka yi wa firizar akwatin katako, aka yi wa farantan nasu, aka auna tsawo da faɗi da tsayi. Arinze ya yi ƙorafi da ya ga har katakon aka auna masa, Musaddiq ya ce ai shi ma katakon wuri yake ci a kwantena, kuma in babu shi abin da zai isa Babban Mutum ba firiza ba ne. Aka rubuta da baƙar tawada a kowane gefe: ADAWIYYA, BABBAN MUTUM, da lambar Usman da ta Ikilima. Musaddiq ya turo hoto, ita kuma ta tura wa Murjanatu.

Daga nan sai jira. Sai da kwantena ta cika aka rufe ta, ana rige-rige kafin hutun sabuwar shekarar mutanen can. Jirgi ya tashi, ya yi makonni a ruwa. Da ya iso Legas kuma aka samu cunkoso a tashar, fitar da kaya ya ja lokaci fiye da yadda aka zata. Mutumin Sandamu ya fara kiran Ikilima kullum, don magini yana jiran tayil. Ba ta yi masa ƙarya ba. Abin da Musaddiq ya faɗa mata shi take faɗa masa: jirgi ya iso, ba a sauke ba; an sauke, kwastan ba su duba ba; sun duba, ana neman mota. Usman bai taɓa kira ba. Murjanatu ce ta ce mata kullum sai ya tambaya, "Har yanzu ba su nemi kuɗi ba?"

Iya kuwa ba ta damu da firiza ba. Ta samu abin da ya fi mata. Kowace Juma'a da safe sai ta sa a kira mata Ɗanjuma a wayar Murjanatu, ta ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure a cikin mutanen da ya bari suna yara.

Saura 'yan kwanaki a fara azumi, zafi ya fara sauka, aka kira Ikilima daga siton Kano aka ce kaya sun iso. Suka yi sammako ita da Kawu Ɗantsoho. Ta duba kowane kwali da hoton da aka turo mata, ta sa hannu. Kwalin tayil ɗaya ya fashe a kusurwa, ta ɗauki hotonsa a gaban mai sito kafin a ɗora, ta tura wa Musaddiq da mai kayan. Suka biya kasuwa suka ɗauki batir ɗin da Arinze ya riga ya yi ciniki ta waya. Kawu ya ɗaure komai da igiya, ya zagaya yana jijjigawa.

"Wannan akwatin a tsaye zai tafi yadda aka zana kibiya," ya ce wa masu lodi. "Kada wanda ya kwantar mini da shi."

Kayan Sandamu da na Zango suka fara kaiwa, washegari suka kama hanyar Babban Mutum tare da Maliki mai haɗa sola, wanda ya zauna a baya kan tsaninsa. Kawu yana tuƙi yana kauce wa ramuka kamar mai ɗauke da ƙwai, yana ba ta labarin zamanin da yake kai shanu kudu.

Kafin su tsaya a ƙofar gidan mutane sun taru. Usman ya fito, ya zagaya akwatin, ya sa yatsa a kan lambarsa da ke rubuce a jikin katakon, ya karanta ta a hankali.

"Ashe dai da gaske ne," ya ce. "Hajiya, ki yafe mini."

"Ba ka yi laifi ba. Da ni ce ma haka zan yi."

Aka kwance katako. Firizar ta fito fara fes, ko ƙwarzane babu. Maza suka ɗauka suka nufi zaure, sai ta ƙi shiga. Aka juya ta nan, aka juya ta can, ƙofar ta yi mata kaɗan da kamar faɗin tafin hannu. Wani ya ce a kwantar da ita ta gefe, Maliki ya ce sam, man injin zai bi bututu. Wani ya ce a sassaƙe bangon zauren, Usman ya ce kakansa ya gina shi.

Ikilima ta tsaya da zufa a goshi tana jin haushin kanta. Ta zo gidan nan, ta bi ta zauren nan, ta duba ɗakin da za a ajiye, amma bai zo mata ta auna ƙofa ba.

"To, talla dai ta ce har ƙofa," in ji Kawu Ɗantsoho yana murmushi. "Ga ƙofa, mun cika alkawari. Mu tafi?"

"Kawu, don Allah."

Daga ciki aka ji muryar Iya tana tambayar me ya tsayar da su. Da aka faɗa mata ta ce, "Ku bi ta gidan Shatu mana. Katangar da ke tsakaninmu damina ta cinye ta, ko akuya tsallakawa take."

Haka aka yi. Maƙwabciyar tana da ƙofar langa-langa mai faɗi ta shigar amalanke. Aka nemi izini, mata suka shige ɗaki, aka shigo da firiza ta wajen turken shanu. Kawu ya sa aka jingina katakon akwatin a kan guntuwar katangar ta kowane gefe, maza huɗu a nan huɗu a can, aka tura ta a hankali ta haye, ta sauka a tsakar gidan Usman kusa da murhu. Shatu ta leƙo ta ce tunda ta gidanta aka bi, ƙanƙarar farko tata ce.

Iya ta sa aka kama ta ta miƙe. Ta dafa murfin, ta buɗe, ta leƙa ciki, ta rufe. Ta sake buɗewa.

"Ai mutum zai kwanta a ciki," ta ce.

Maliki ya hau rufi ya kafa farantan, ya ja waya, ya haɗa batir. Ya ce a bar ta ta huta kafin a kunna, tunda ta sha girgiza a hanya. Ana cikin jira sai Murjanatu ta kawo dambu da man gyaɗa da soyayyar albasa, aka kai wa maza nasu zaure. Ikilima ta ci tare da Iya a kan tabarma. Bayan la'asar aka kunna. Firiza ta ɗauki wani siririn gurnani, aka zuba ruwa a leda aka jera a ciki. Iya ta ce a kira mata Ɗanjuma.

Ya ɗauka a bugun farko, da alama yana zaune yana jira. Murjanatu ta zagaya da wayar ta nuna masa farantan a kan rufi, da firizar a ɗaki, da Usman yana ɗaga hannu cikin jin nauyi. Arinze yana ta cewa alhamdu lillahi kamar yadda ya saba ji tun yana yaro. Iya ta sa masa albarka doguwa, shi da 'ya'yansa da mahaifiyarsa da kasuwarsa, kowa na amsawa da amin. Da ta gama ta ce, "Saura ka zo ka sha da bakinka."

"In Allah Ya yarda, Iya. In na zo gida ƙarshen shekara, Kano zan fara sauka."

"Ka zo da yaran. Kada ka zo mini kai kaɗai."

Da za su tafi, Iya ta sa Murjanatu ta fito da wani ƙulli babba: kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya, da kilishi a nannaɗe cikin takarda.

"Ki sa masa a jirgin naku, 'yar nan."

Ikilima ta durƙusa kusa da ita. "Iya, mu namu daga can yake zuwa nan, ba ya komawa. Kuma nama ba a barin a shiga da shi ƙasarsu, a filin jirgi za a ƙwace. Kukar da kuɓewar dai zan tambayi ƙanina, in akwai ɗan kasuwar da zai tafi kuma an yarda a shiga da su, sai in ba shi. Ban yi miki alkawari ba."

Iya ta yi tunani. "To kilishin ku ci a hanya. Wannan direban naku ya fi kowa wahala."

Rana ta yi sanyi suka fito garin. Bayan motar ba a wofi ya koma ba, don Usman ya roƙi Kawu ya sauke masa awaki uku a Zango, Maliki yana zaune a tsakiyarsu rungume da jakar kayan aikinsa. Ikilima ta warware takardar kilishin ta yaga ta miƙa wa Kawu, ta miƙa wa Maliki ta taga. Yaji ya ji sosai. Ta cire takalmi ta miƙe ƙafa, ta kira Malam Ikrima ta ce a ɗora ruwan tuwo, sun kusa Baure.